Shin An San Sunan Kayanka? Yadda Ake Auna Shahara Da Tambaya Da Kuma Sawun Bincike A Intanet

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, in uwargida ta aiki yaro shago sai ta ce ya sayo mata magi, ko da kuwa ɗanɗanon da za a kawo na wani kamfani ne daban. Haka nan kowane garin sabulun wanki sunansa omo. Sunan haja ya shiga bakin mutane har ya haɗiye sunan kayan gaba ɗaya. Wannan shi ne ƙololuwar abin da masu talla suke kira sanin suna, wato mutum ya ji sunan kaya ya gane shi, ko kuma sunan ya faɗo masa da kansa lokacin da buƙata ta taso.

Kamfanoni ƙalilan ne suka kai wannan matsayi. Sauran suna zuba kuɗi a rediyo da allunan titi da Facebook da YouTube, sannan su koma suna tambayar kansu ko kuɗin ya yi aiki. Duba ciniki kaɗai ba ya amsa wannan tambaya, domin ciniki na iya hawa saboda an shiga azumi, ko abokin gasa ya ƙara farashi, ko kuma an samu sabon dila a wata jiha. Ciniki kuma na iya tsayawa cak alhali sunan ya shiga kunnen dubban mutanen da ba su tashi saye ba tukuna. Saboda haka masana harkar suka fi dogara da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a tambayi mutanen da suka ga talla da waɗanda ba su gani ba, a auna tazarar da ke tsakaninsu. Ta biyu ita ce a bi sawun yawan masu rubuta sunan kayan a Google wata bayan wata. Dukkansu suna kan tambaya ɗaya ce: da ba a yi tallan ba, me zai faru?

Raba mutane gida biyu

Hanyar farko gwaji ce irin ta masu gwada magani. Kafin talla ya fara fita, kamfanin da ke ɗauke da shi, kamar Google ko Meta mai Facebook da Instagram, yakan raba mutanen da ake son kai wa tallan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko ana nuna masa tallan. Gida na biyu kuwa da gangan ake hana shi gani, sai a nuna masa wani tallan daban a wannan gurbi. Bayan ɗan lokaci sai a aika wa wasu daga kowane gida tambaya iri ɗaya. Wanda ya saba kallon YouTube ya taɓa cin karo da ita: kafin bidiyo ya fara sai ka ga an jero sunaye huɗu ko biyar ana tambayarka wanne ka taɓa ji. Google da Meta duka suna kiran wannan tsari nasu Brand Lift.

Ƙuri'ar nan ita ce ginshiƙin aikin. Idan ka tsinci waɗanda suka ga talla kawai ka kwatanta su da sauran jama'a, ka kwatanta mutane iri biyu da tun asali ba ɗaya suke ba. Injin talla yana zaɓar waɗanda ya hango suna da sha'awar kayan, kuma wanda ke daɗewa a waya shi ya fi cin karo da talla, shi ne kuma ya fi sanin sunayen kayayyaki tun kafin ka zo. A shekarar 2019 Brett Gordon da Florian Zettelmeyer da wasu abokan aikinsu biyu sun wallafa wani nazari a mujallar Marketing Science kan manyan gwaje-gwajen talla 15 da aka yi a Facebook a Amurka. Sun ɗauki sakamakon gwajin ƙuri'a, sannan suka gwada samo shi ta hanyoyin lissafin da ba su da ƙuri'a. Sau da yawa hanyoyin suka kasa, kuma a lokuta da dama suka kambama tasirin tallan fiye da yadda yake. Ƙuri'a ce ke sa gidajen biyu su zama daidai a shekaru da wadata da sha'awa, ta yadda bambancin da ya rage tsakaninsu shi ne tallan kansa.

Mu yi lissafin da hannu

A ƙaddara wani ƙaramin kamfanin sabulu a Kano ya kashe naira miliyan 6 a tallan bidiyo na mako huɗu, tallan kuma ya kai ga mutum 500,000. Misali ne kawai domin a ga yadda lissafin yake tafiya. An samu amsa daga mutum 1,000 a gidan da bai ga talla ba, 300 daga cikinsu suka ce sun san sunan sabulun, wato kashi 30 cikin 100. A gidan da ya ga talla ma mutum 1,000 suka amsa, 360 suka ce sun sani, wato kashi 36 cikin 100.

Tazarar maki 6 ce. Ana iya faɗin wannan sakamako ta wata fuskar, a ce sanin suna ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, domin 6 ɗaya bisa biyar ɗin 30 ne. Duka biyun gaskiya ne, amma na biyun ya fi daɗin ji, shi ya sa ya fi fitowa a rahoton da ake kai wa mai kamfani. Don haka duk wanda aka faɗa wa kashi 20 ya tambayi daga nawa zuwa nawa. Tashi daga kashi 1 zuwa kashi 2 ninki ne cur, amma mutum ɗaya ne tak a cikin kowane ɗari.

Maki 6 ɗin nan su ake mayarwa kuɗi. Kashi 6 cikin 100 na mutum 500,000 shi ne mutum 30,000. Waɗannan su ne waɗanda da ba don tallan ba da ba su san sunan ba. In aka raba naira miliyan 6 a kansu, kowane sabon mai sanin suna ya ci naira 200. Da wannan adadi ne mai kamfani zai iya kwatanta tallan bana da na bara, ko bidiyo mai waƙa da bidiyo mai zance.

Sai dai mutum 1,000 aka tambaya, ba 500,000 ba. Da wasu 1,000 ɗin aka ci karo da su, da amsar ta ɗan bambanta. Masu ƙididdiga suna da hanyar auna girman wannan rawa da sakamako ke yi:

```
1.96 * sqrt(0.30*0.70/1000 + 0.36*0.64/1000) = 0.041
```

Ma'anar wannan ita ce sakamakon na iya yin sama ko ƙasa da kusan maki 4. Tazarar gaskiya tana wani wuri tsakanin maki 2 da maki 10. Tunda ko mafi ƙanƙantar ta haura sifili, mai sabulu zai iya cewa tallan ya yi aiki. Amma kuɗin kowane sabon mai sanin suna na iya zama naira 120, yana kuma iya kaiwa naira 600. Naira 200 ɗin tsakiyar zato ce kawai.

Da mutum 200 kacal aka tambaya a kowane gida, aka kuma samu kashi 30 da kashi 36 ɗin nan, rawar sai ta kai kusan maki 9. Tazarar na iya zama maki 15, tana kuma iya zama babu komai. A nan ne kuɗi da yawa ke salwanta, domin an biya kuɗin gwaji amma ba a tara amsoshin da za su iya yanke hukunci ba. Ƙa'idar kuma tana da tsada: kafin ka rage rawar da rabi sai ka ninka yawan masu amsa sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa Google da Meta suke gindaya mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe kafin su yarda su gudanar da irin wannan gwaji.

Inda tambaya ke zamewa

Yadda aka yi tambaya yana canza amsa. Akwai tambaya ba tare da tuni ba, kamar a ce: in an ce sabulun wanka, waɗanne sunaye ne suke zuwa maka? Akwai kuma tambaya mai tuni, inda ake karanto sunaye mutum ya nuna waɗanda ya sani. Ta biyun kusan kullum ta fi ba da adadi mai yawa, domin gane abu ya fi tuno shi sauƙi. Idan za a yi su duka a zama ɗaya, dole a fara da marar tuni, don da zarar ka ambaci sunan ka riga ka saka shi a bakin mai amsa. Gajerun tambayoyin da ke fitowa a YouTube da Facebook masu tuni ne, saboda haka abin da suke aunawa shi ne gane suna.

Mutane kuma sukan ce sun san abin da ba su sani ba, wani don kunya, wani don kada ya ba mai tambaya haushi. Maganin da masu wannan aiki suka daɗe suna amfani da shi shi ne su cusa sunan kayan da babu shi a duniya cikin jerin. Idan kashi 8 cikin 100 suka ce sun san wannan suna, to ka san kimanin yawan amsoshin da ba su da tushe. A gwajin gida biyu wannan matsala ba ta cika yin ɓarna ba, tunda masu irin wannan hali suna nan a gidajen biyu, in aka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ta fita.

A wajenmu akwai ƙarin abubuwan lura. Sunan da ya zama sunan kaya gaba ɗaya yana rikita tambaya marar tuni: wadda ta ce magi, kamfanin Maggi take nufi ko duk wani dunƙulen ɗanɗano? Sai an nuna mata hoton ƙunshin kafin a tabbatar. Tambayar da ta fito da Turanci a wayar wanda Hausa kawai yake karantawa, ko dai ya tsallake ta ko ya taɓa duk abin da ya samu don bidiyonsa ya buɗe. Sannan a gidan da mutum uku suke amfani da waya ɗaya, wanda ya ga tallan daban, wanda ya amsa tambayar daban. Wannan yana sa gidajen biyu su cakuɗe, tazarar ta fito ƙasa da yadda take.

Cakuɗewar tana da wata kafa. Mutumin da aka ɓoye wa talla a Facebook yana iya jin sa a rediyo ko ya gan shi a allon titi. Don haka in gwajin ya nuna tazara kaɗan, abin da ya faɗa shi ne Facebook bai ƙara wani abu mai yawa a kan abin da rediyo ta riga ta yi ba. Bai yanke hukunci kan kamfen ɗin gaba ɗaya ba. Haka kuma kayan da kashi 95 cikin 100 suka riga suka sani ba shi da sauran wurin hawa. Mai irin wannan kaya sai ya canza tambaya, ya nemi sanin ko mutane za su sa shi cikin waɗanda za su zaɓa in sun tashi saye.

Rediyo, wadda har yanzu ita ce babbar hanyar talla a Arewa, ba ta iya raba masu sauraro da ƙuri'a. Abin da ake yi shi ne a zaɓi garuruwa biyu masu kama da juna, a saka tallan a tashar da ɗaya ke kamawa ɗaya ba ya kamawa, a yi tambaya a duka biyun kafin da kuma bayan. Idan garin da ya ji talla ya tashi daga kashi 25 zuwa 34, ɗayan kuma ya tashi daga 24 zuwa 28, to rabon tallan shi ne 9 a ɗebe 4, wato maki 5. Maki 4 ɗin da garin na biyu ya samu, da ma za su zo ko da talla ko babu. Wanda ya auna garin farko kaɗai zai ba tallansa ladan maki 9.

Sawun da mutane ke bari a Google

Gwajin tambaya hoto ne na lokaci ɗaya, kuma yana da tsada. Hanya ta biyu kyauta ce kuma ba ta yankewa. Wanda ya rubuta sunan kayanka a Google ya nuna ya san sunan ba tare da kowa ya tambaye shi ba, kuma ba shi da wanda zai ji kunyarsa.

Wurin da aka fi duba wannan shi ne Google Trends, wanda bayanansa suka faro daga 2004. Kana iya zaɓar Najeriya, ka kuma ga yadda jihohi suka bambanta, ka jera kalmomi har biyar a shafi ɗaya. Abin da ya fi rikita mutane shi ne lambobin. Ba yawan masu bincike yake nunawa ba. Yana ɗaukar rabon da kalmar ta samu cikin dukkan binciken da aka yi a wannan wuri a wannan lokaci, sai ya ba lokacin da rabon ya fi girma maki 100, ya auna sauran da shi. Maki 50 na nufin rabin wancan ƙololuwa. In ka canza tsawon lokacin da kake dubawa, lambobin na iya canzawa. Layin ma na iya yin ƙasa alhali masu neman sunanka sun ƙaru, idan sauran bincike ya fi naka saurin ƙaruwa. Kalmar da masu nemanta ba su da yawa kuwa sifili take nunawa, kuma wannan shi ne abin da ƙaramin kamfani zai fi gani in ya taƙaita bincikensa a jiha ɗaya.

Mai shafin intanet na kansa yana da wata taga da ta fi wannan. Google Search Console yana nuna sau nawa shafin ya bayyana da sau nawa aka latsa shi a kan kowace kalma, har tsawon wata 16 baya, ko da yake yana ɓoye kalmomin da ba kasafai ake nema ba. A nan sai a tattara duk hanyoyin da mutane ke rubuta sunan, don mutanenmu yadda suka ji suke rubutawa. A matatar Custom (regex) ana iya haɗa su a layi ɗaya, kamar haka:

```
indomie|indomi|indomee
```

A Google Trends kuma alamar + ce ke yin wannan aiki.

Domin kauce wa rikicin lambobi, masana suna auna rabon bincike: a ɗauki binciken sunanka a raba da jimillar binciken sunayen duk masu gasa a wannan fanni. Idan matsakaicin makin kamfanoni uku a shafi ɗaya ya kasance 60 da 30 da 10, mai 10 yana da kashi 10 cikin 100. In a shekara mai zuwa suka zama 60 da 28 da 12, ya koma kashi 12. Les Binet, masanin auna talla na Birtaniya, shi ya yaɗa wannan ma'auni a 2020, bayan ya gwada shi a kan motoci da wayoyin hannu da kamfanonin makamashi. Ya nuna cewa rabon bincike yakan motsa kafin rabon kasuwa ya biyo baya, kuma a harkar motoci, inda mutane ke daɗewa suna shawara, ratar na iya kaiwa shekara. Amfanin wannan ma'auni shi ne duk abin da ya shafi kasuwar gaba ɗaya ya shafi kowa, don haka ba ya ɓata rabon.

Ruwa ba ya tsami banza

Duk lokacin da layi ya yi tsalle akwai dalili, amma ba lallai dalilin ya zama alheri ba. A watan Satumba na 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa na dizal, neman sunan kamfanin a Google ya yi tashin gwauron zabo. Masu binciken labarin abin kunya suke nema. Saboda haka kafin a yi murna da tsalle, a duba kalmomin da mutane ke haɗawa da sunan. Suna tare da farashi ko inda ake sayarwa alama ce ta mai son saye. Suna tare da zamba ko ƙorafi wani labari ne daban.

Wani ɓangare mai yawa na binciken suna kuma na tsofaffin abokan ciniki ne. Mai neman lambar duba kuɗi ta bankinsa ko ta layin wayarsa ya daɗe da sanin kamfanin. In sabis ya ɗauke, irin wannan bincike zai ƙaru ba tare da sabon mutum ko ɗaya ya ji sunan ba. Irin waɗannan kalmomi cire su ake yi. Akwai kuma sunan da ke da wata ma'ana. Omo a Yarbanci ɗa ne, kuma kalma ce da ke cikin waƙoƙi da zantukan yau da kullum a kudancin Najeriya, don haka layinta a Google Trends ba ya faɗin komai a kan sabulu sai an haɗa ta da wata kalma.

Lokaci ma yana da tarko. An saba kwatanta wata da takwaransa na bara don a cire tasirin yanayi. Amma azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: a 2023 ya kama a ƙarshen Maris, a 2025 kuma a farkonsa. Mai sayar da madara ko shadda da ya kwatanta Maris da Maris zai ga hawa ko sauka da kalanda ta haifar. Sai ya jera makon farko na azumi da makon farko na azumin bara, ko ya yi amfani da matsakaicin wata 12.

Iyaka mafi girma ita ce wanda ba ya bincike. Matar da ke sayen sabulu a shagon unguwa ba ta tambayar Google, kuma mai ciniki da yawa a yau ta WhatsApp ko TikTok yake samun kaya. Binciken suna ya fi amfani ga abin da ake tunani kafin a saya, kamar waya, mota, makaranta ko asusun banki. Ga kayan naira ɗari biyu, shirun Google ba hujja ba ce cewa ba a san su ba.

Idan an ɗora su gefe da gefe

Mu koma ga mai sabulun Kano. Gwajin tambaya ya ba shi maki 6. In ya duba Search Console ya ga neman sunan ya tashi a makon da talla ya fara, ya sauka bayan an daina amma ya zauna sama da inda yake a da, to shaidu biyu da ba su san juna ba sun faɗi magana ɗaya. Tsayin tsallen bai kai wannan sabon mazauni muhimmanci ba, domin shi ne abin da ya rage a zukatan mutane bayan kuɗin ya ƙare. In tambaya ta nuna ƙari amma bincike bai motsa ba, mai yiwuwa sunan ya shiga amma kayan ba irin wanda ake nema a intanet ba ne. In kuwa bincike ya tashi alhali gidajen biyu sun ba da amsa iri ɗaya, to wani abu ne daban ya ɗaga shi, wataƙila rediyo, ko wani labari, ko lokacin sallah, kuma bai kamata tallan bidiyon ya karɓi ladan ba.

Duk wannan yana buƙatar shiri tun kafin a saki naira ɗaya. Bayan talla ya fita, babu yadda za a yi a samo mutanen da aka ɓoye wa shi, kuma babu wanda zai tuna inda layi yake a da in ba a ajiye ba. Mai kamfanin da zai zauna da masu yi masa talla ya nemi abu uku a rubuce: su wane ne ba za su ga tallan ba, mutum nawa za a tambaya a kowane gida, kuma ina binciken sunansa yake a watanni 12 da suka wuce. In ya samu waɗannan, ranar da aka kawo masa rahoto zai iya yin lissafin da kansa, ya san ko naira 200 ya biya kan kowane mutum ko naira 600.